Awa biyu suka ba mu, alhali wayar tana shagon caji

Tun watan Sha'aban sunan Inna yake cikin jerin masu jiran aikin yanar ido a wani asibiti a Kano. Idon dama ya rufe, na hagun ma sai dishi-dishi, har ta kai jikarta ce ke riƙe mata sanda zuwa makewayi. Ranar da suka ba mu sai bayan wata huɗu. Ma'aikacin da ya rubuta sunanta ya karɓi lambata, ya ce in wani ya fasa za a turo saƙo a matso da mu. Na ce to, Allah ya sa.

Saƙon ya zo kuwa, ranar Talata da ƙarfe 10:40 na safe. Gurbi ya samu ranar Laraba ƙarfe takwas, in muna so mu amsa da `YES` kafin 12:40, in ba haka ba a ba na baya. Awa biyu cur. A lokacin ina gona muna yankan riɗi, wayar kuma tana kashe a shagon mai caji, domin garinmu, a bayan Ringim, mun manta rabonmu da wutar lantarki. Sai bayan la'asar na karɓo ta, na hau tudun bayan makarantar firamare inda sabis ke kamawa, saƙon ya faɗo. Da Turanci ne. Kafin in samu malamin da ya karanta mini shi daki-daki, an kusa kiran magariba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne yadda suke ƙirga wa'adin. Agogonsu yana fara tafiya daga lokacin da na'urarsu ta tura saƙo, ba daga lokacin da ya shiga wayar mutum ba. Wayar da ke kashe ko wajen sabis, saƙon yana maƙale a hanya har sai ta dawo. Wato wa'adina ya ƙare tun ban san an ba ni shi ba. Wa ya zauna ya yanke awa biyu? Ya taɓa kwana a ƙauye kuwa?

A ce ma wayar tana aljihuna. Cewa "e" ba danna haruffa uku ba ne kawai. Wanda zai kasance a asibiti ƙarfe takwas daga wajenmu dole ya kwana a Kano: acaɓa zuwa bakin titi da tsohuwar da ba ta gani, motar haya ta Gezawa, sannan adaidaita sahu a cikin gari. Kuɗin yana cikin riɗin da ba a kakkaɓe ba, ko akuyar da sai ranar kasuwa za a sayar. Sai an samu macen da za ta zauna da ita, kuma washegarin aiki a koma a buɗe idon a duba, ga maganin ɗigawa na makonni. Inna tana da hawan jini, kuma an gaya mana tun farko in jini ko suga ya hau ranar aiki, ɗagawa za a yi. Duk wannan shawarar ce za a gama tsakanin hantsi da azahar?

Ga kuma tsoro. Saƙon ba daga lambar mutum ya fito ba, kuma ya yi kama da na 'yan damfara masu cewa yi maza kafin lokaci ya ƙure. Mu da kullum ake gargaɗinmu kada mu amsa irin wannan!

Na amsa duk da haka, shiru. Da safe na kira lambar da ke jikin katinta har sau biyar kafin a ɗauka. Na ce, "Ranka ya daɗe, saƙon bai riske ni ba sai yamma." Ya ce, "Malam, na'ura ce, an riga an ba wani." Ya ce ranarmu ta asali tana nan, amma wanda aka yi wa tayi sau biyu bai amsa ba, ba a sake tura masa. Saura ɗaya ke nan, kuma babu wanda ya faɗa mana wannan ƙa'idar ranar da aka karɓi lambar.

Ba na jin haushin wanda ya samu gurbin, shi ma mara lafiya ne. Amma tsarin da ke ba mai saurin amsawa, ɗan birni mai wuta da sabis zai riƙa ba wa kullum, mu da muka fi nisa muna ƙasan layi. Masu asibiti, ku kira da baki, da Hausa. Ku karɓi lamba biyu. Ku ba wanda ya rubuta adireshin ƙauye yini guda, ko ku tambaye shi tun farko sanarwar kwana nawa zai iya cimmawa.

Da na gaya wa Inna, ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Da yanzu an buɗe mini idon ke nan, ɗan nan?" Tun ranar ba na barin wayar ta yini a shagon caji, kuma sau uku nake hawa tudun nan kullum, riɗin kuwa yana can yana zuba a gona.