Yadda Attahiru Biyu Suka Ci Mini Kuɗin Shayi

Ni malamin firamare ne a Gombe, kuma a majalisarmu ta bakin teburin mai shayi ana ɗaukata a matsayin masanin tarihi, ba don komai ba sai don ina sanye da tabarau. Wani dare wani ƙanena ya kunna mana fim a wayarsa a kan yaƙin Burmi. A ciki an nuna Turawa sun ci Sakkwato yau, kashegari kuma ga su a Burmi cikin hazon hunturu, Lugga da kansa yana kan farin doki, ya fuskanci Sarkin Musulmi Attahiru, suka yi musayar zafafan kalamai kafin a buɗe wuta.

Da zan iya kame bakina da na kwana lafiya. Amma sai na zaro wayata, na rubuta sunan Attahiru, na karanta layin farko da idona ya faɗa a kai, na gyara tabarau na ce fim ɗin ƙarya ne tun daga tushe, domin Attahiru ya ci gaba da sarauta a Sakkwato har shekarar 1915. Na ƙara da cewa idan aka same ni da kuskure, shayin majalisa na mako guda a wuyana, har da burodi.

Wani dattijo mutumin Bajoga, wanda bai cika magana ba, ya ajiye kofinsa ya ce, "Malam, to kabarin da ke Burmi, wanda iyayenmu suka nuna mana, na wane ne?"

Na ce, "Baba, tarihi sai da hujja."

Ya ce, "Madalla, ɗana. Kawo ta."

A daren nan na gano cewa Attahiru biyu ne. Na farko, ɗan Ahmadu Atiku, shi ne ya fita daga Sakkwato bayan Turawa sun ci garin ranar 15 ga Maris 1903, ya nufi gabas da niyyar hijira. Na biyu, ɗan Aliyu Babba, shi aka naɗa bayan fitar wancan, kuma shi ne ya kai 1915. Wato na karanta tarihin wani na yanke hukunci a kan wani. Shayi dai ya riga ya hau kaina, amma na ƙudurta cewa ba zan faɗi ni kaɗai ba, sai na ja fim ɗin mun faɗi tare.

Na fara da intanet, na sami shafuka uku da suka ba da labarin yaƙin iri ɗaya, har na fara murnar samun shaidu uku. Da na jera su sai na ga har kuskuren rubutun sunan garin iri ɗaya ne a wuri ɗaya, alamar mutum guda ne ya rubuta, biyu suka kwafa, kuma babu wanda ya faɗi inda ya samo. Shaidu uku suka koma ɗaya, shi ma ba a san asalinsa ba.

Sai na je wurin wani abokina da ke koyar da tarihi a jami'a. Bayan ya gama dariyarsa, wadda ta ɗauki lokaci fiye da yadda zumunci ya yarda, ya ce in daina tambayar ko fim gaskiya ne ko ƙarya, in tsinka fitowar gida-gida: wane ne ya halarta, yaushe aka yi, me aka faɗa, sannan in nemi kowanne daban. Ya ara mini littafin Adeleye na 1971, Power and Diplomacy in Northern Nigeria, da na Muffett na 1964, Concerning Brave Captains, ya kuma umarce ni da in riƙa duba ƙananan rubutun da ke nuna madogara, domin a nan marubuci yake faɗin takardar da ya dogara da ita, ko rahoton hafsan soja ne, ko wasiƙa, ko hira da dattijo. Asalin irin waɗannan takardu, in ji shi, ana neman su a Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da kuma Gidan Arewa, duka a Kaduna. Na lissafa kuɗin mota, na haɗa da bashin shayi, na ce littattafan sun wadatar.

Batun lokaci ya fi sauƙin warwarewa. Attahiru na farko ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli 1903, kwana 134 bayan faɗuwar Sakkwato, ba kwana ɗaya ba. Ƙarshen Yuli kuwa tsakiyar damina ce, saboda haka hazon nan na ranar ɗaukar fim ne. Sannan karon ba ɗaya ba ne: a watan Mayu Turawa sun kai wa garin hari ƙarƙashin Kyaftin Sword, mutanen Burmi suka kore su. Mai fim ya haɗe biyun ya zubar da nasarar farko, abin da ya fi ba ni haushi a matsayina na ɗan jihar. Lugga kuma bai je Burmi ba. A lokacin yana hutu a Ingila, Wallace ne ke riƙe da kujerarsa, wanda ya jagoranci harin Yuli kuwa Manjo Marsh ne, kuma shi ma a nan aka kashe shi.

Maganar da aka sa a bakin Sarkin Musulmi, cewa babu abin da ke tsakaninsa da Nasara sai yaƙi, ita ta fi wahalar da ni, domin ba mai fim ne ya ƙirƙire ta ba. Tana cikin wata wasiƙa da Lugga ya ce ya samu daga Sakkwato a 1902, zamanin Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ya rasu kafin Attahiru ya hau. Abin da ake da shi fassarar Turanci ce, ba a ga asalin Larabcin ba, shi ya sa Muffett ya yi shakkar ta. Mai fim ya ɗauko maganar da ake jingina wa wani sarki, ya ba magajinsa, ya sa ya faɗe ta baki da baki ga mutumin da ke wata nahiya. A nan na fahimci cewa takardar Bature ta fi amfani wajen kwanan wata da sunan hafsa, domin aikinsa ne ya rubuta su. Idan aka zo kan dalilin yaƙi kuwa, mai neman wanke kansa a gaban manyansa na Landan ne yake magana, sai a gwada ta da wasiƙun sarakuna, da waƙoƙin zamanin, da abin da mutanen wurin suka gada.

Ranar ƙarshe ta bashina na zo majalisa da shafi huɗu a rubuce. Na karanta musu kwana 134, da damina, da Wallace, da wasiƙar Abdurrahman. Baba ya saurara har ƙarshe, sannan ya tambaye ni ko a cikin littattafan nan an ce Attahiru ya rasu a Burmi. Na ce an ce. Ya juya wurin mai shayi ya ce a ƙara masa ƙwai biyu a lissafin Malam.