Wa ya rubuta Attaura? A duba labarin ruwan Ɗufana

Jama'a, in za a yi muhawara kan wanda ya rubuta littattafai biyar na farko na nassin Ibrananci, wato Farawa, Fitowa, Firistoci, Ƙidaya da Maimaitawar Shari'a, a buɗe littafin tukuna. Abin yana damuna ƙwarai yadda ɓangarorin biyu, masu cewa Musa ne da masu cewa hannaye da yawa ne, ke kafa hujja da abin da ba su karanta ba.

Al'adar Yahudawa da ta Kirista ta ce Annabi Musa ne ya rubuta su. Amma nassin kansa wurare ƙalilan ya ce Musa ya rubuta wani abu, kamar Fitowa 24:4 da Ƙidaya 33:2. Tsoffin malaman Yahudawa ma sun ga matsalar babi na 34 na Maimaitawar Shari'a, inda aka ba da labarin rasuwar Musa da binne shi, har Talmud, kundin koyarwarsu, ya kawo ra'ayin cewa Joshuwa ne ya rubuta ayoyi takwas na ƙarshe. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya rasu a 1064, shi ma ya taɓo irin wannan. Ke nan tambayar ta riga jami'o'in Turai.

Yanzu a buɗe Farawa babi na 6 zuwa na 9, a riƙe biro kala biyu. Duk inda aka ce Elohim (a fassarar Hausa, Allah) a ja layi da ɗaya, inda aka ce Yahwe (Ubangiji) a ja da ɗayan. A 6:19 Elohim ya umarci Nuhu ya ɗauki biyu daga kowace dabba. A 7:2 Yahwe ya ce bakwai bakwai daga masu tsarki, biyu daga marasa tsarki. A 7:12 ruwan sama ya yi kwana 40, a 7:24 ruwa ya mamaye ƙasa kwana 150. Sassan Elohim ne ke ba da kwanan wata daidai: ran 17 ga wata na biyu aka fara, ran 27 ga wata na biyu na shekara ta gaba ƙasa ta bushe.

Abin da ya fi gamsar da ni shi ne yadda alamomin ke tafiya tare. Sashen da ya ce bakwai bakwai shi ne ya kawo hadayar Nuhu a 8:20, kuma dole a samu rarar dabbobi masu tsarki in za a yanka wasu. Sashen da ya ce biyu biyu bai kawo hadaya ba, domin a tsarinsa dokar hadaya sai zamanin Musa ta sauka. Suna, lissafi da aƙida sun rabu a wuri ɗaya. Wannan ne ya sa masana suka ce hannaye biyu ne, suka kira sashen Yahwe J, sashen Elohim kuma P na firistoci. Jean Astruc, likitan Faransa da ya raba sunayen a 1753, kare Musa yake yi: cewa ya yi Musa ya tattara tsoffin takardu. Julius Wellhausen ne a 1878 ya jera tushe huɗu, wato J, E wanda shi ma ke cewa Elohim, Maimaitawar Shari'a da P, ya sa na firistoci a ƙarshe, bayan bautar Babila.

Masu riƙe da al'ada suna da amsa, kuma ba ta wasa ba ce. Sun ce biyu biyu umarni ne na gaba ɗaya, bakwai bakwai ƙarin bayani, kwana 40 na zubar ruwa ne, 150 na tsayuwarsa. Umberto Cassuto, wani masani Bayahude, ya ce marubuci ɗaya na iya zaɓar suna gwargwadon ma'ana. Suna kuma da gaskiya a 7:8-9, inda aka ambaci masu tsarki da marasa tsarki, salon J, aka ce biyu biyu da umarnin Elohim, salon P. A nan masana kan ce mai haɗawa, wato wanda ya haɗa J da P wuri ɗaya, shi ne ya sa hannu. To, in duk ayar da ta ƙi rabuwa za a ɗora wa mai haɗawa, da me za a gwada ra'ayin?

Ga matsayina. Cewa labarin ya bi ta hannu fiye da ɗaya hujja ce mai ƙarfi, ban ga amsar da ta rushe ta ba. Amma tushe huɗu cif da shekarun da aka ba kowanne, wannan ya fi rauni. Ba a taɓa tono takardar J ko ta P ita kaɗai ba. Mafi tsufan kwafin da ke hannu, na kogwannin Kumran da ke kusa da Tekun Gishiri, a haɗe suke. Tun shekarun 1970 John Van Seters da Rolf Rendtorff suka girgiza tsarin Wellhausen, har masana da yawa a Turai suka daina maganar E, wasu ma suna shakkar J. Abin da kusan dukansu suka yarda da shi har yau shi ne bambance P da Maimaitawar Shari'a daga sauran.