Ku tambaye shi ko yana jin ruwan tsarki

Ƙannena da kuka fara kwanan asibiti a bana, ina da magana da ku a kan mai ciwon baya. Na ga yadda kuke sallamar su: a danna kwankwaso, a ɗaga ƙafa, a rubuta maganin rage zafi, a kira na gaba. Mafi yawan lokuta ba ku yi laifi ba, domin faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙasusuwan baya idan ya bulluƙo ya danne jijiya ɗaya, yawanci yakan lafa da kansa cikin sati 6 zuwa 12, ba tiyata, ba ma buƙatar hoto. Amma a cikin wannan layin ne ake samun mai kauda ikwina, wato matsewar jijiyoyin ƙarshen gadon baya, wanda idan kuka sallame shi da daddare, zai ƙare rayuwarsa da robar fitsari.

Laka tana ƙarewa ne a wajen ƙashin L1 zuwa L2. Daga nan ƙasa saiwoyin jijiyoyi ne zube cikin ruwa kamar jelar doki, abin da sunan kauda ikwina ke nufi ke nan a Latinanci. Idan faifan ya fito ta gefe, saiwa ɗaya yake samu, ƙafa ɗaya ke ciwo. Idan kuwa babba ne ya faso ta tsakiya, galibi a L4/L5 ko L5/S1, sai ya matse jelar gaba ɗaya, har da saiwoyin S2 zuwa S4, masu kula da mafitsara da dubura da al'aura. Waɗannan ba sa jure matsi, kuma idan suka mutu da wuya su dawo daidai.

Akwai wani ɗan dako da ba na mantawa da shi, shekararsa 38. Ya ɗaga buhun masara, baya ya riƙe, zafi na sauka ta ƙafar dama har kan babban yatsa. A zuwansa na farko komai ya nuna saiwa ɗaya ce, ta L5: an ɗaga ƙafar a miƙe zafi ya tsarga tun wajen digiri 40, babban yatsa ba ya ɗagowa da ƙarfi, bayan ƙafa ya ɗan mutu, hagu lafiya lau, fitsari lafiya. Aka ba shi magani, kuma daidai ne. Bayan kwana 10 ya dawo cikin dare, wai yanzu har hagu. Wanda ya gan shi ya tambaya, "Kana fitsari?" Ya ce yana yi. Aka ƙara masa taramol, ya tafi. Kwana 2 bayan nan aka kawo shi wando a jiƙe, mara ta kumbura, shi kuwa ko a jikinsa, har yana cewa ciwon bayan ma ya yi sauƙi. Roba ta fitar da fiye da lita 1.

Tambayar ce ta kāsa. Mutumin da jelar ta fara matsuwa yana fitsari, sai dai ba irin na da ba. Kuma kun san mutanenmu da kunya, ba wanda zai fara kawo muku zancen matsematsinsa, balle dattijuwa a gaban yaro sa'an ɗanta. Ku fitar da 'yan rakiya, ku ja labule, ku yi tambayar da bakinku. "Malam, idan ka yi tsarki kana jin sanyin ruwan kamar da, ta kowane ɓangare?" "Kana jin lokacin da mara ta cika?" "Kana jin fitsarin yana fita, ko sai ka duba?" "Sai ka yi nishi yake zuwa?" "Kana riƙe iska da bayan gida?" "Gaba yana tashi kamar da?" Da aka yi wa ɗan dakon nan ta farko daga baya, cewa ya yi tun daren da ya dawo yake jin wurin kamar an ɗora tsumma. Ba wanda ya tambaya.

Sai gwaji, kuma a nan ne lalaci ya fi yawa. Ku kwantar da shi ta gefe, da wani ma'aikaci a wurin, ku taɓa da auduga sannan da tsinke mai ɗan tsini a gewayen dubura, dama da hagu, da matsematsi da bayan cinya, duk inda sirdi ke taɓawa. Ku sa yatsa ku ce ya matse. Amma kar ku jingina da ƙarfin dubura shi kaɗai, yatsa na ruɗin ko manya, kuma jin shi da ƙarfi bai wanke kowa ba. Ku duba ƙafafun duka biyu, ƙarfinsu da bugun agara. Daga nan ya je ya yi fitsari, ku auna abin da ya rage da sikanin, in babu ku sa roba ku auna. Ragowar da ta haura mililita 200 tana ƙara zargi sosai. Wadda ba ta kai ba tana rage shi, ba ta kore shi idan wurin sirdi ya mutu.

Abin da nake so ku riƙe shi ne matakin farko, lokacin da ji ya canza amma mutum na iya fitsari da kansa, shi ne lokacin da tiyata ta fi amfani. Wanda ya kai ga mara ta cika ba zafi, fitsari na ɗiga da kansa, an riga an makara da yawa. Wanda ya zauna jiran wannan alamar kafin ya kira babba, ɓarna yake jira ta tabbata. Kuma kar ku yi saurin ɗora wa wani abu laifi. Gaskiya ne taramol da zafin ciwo na iya riƙe fitsari, gaskiya ne dattijo na iya samun kumburin furosteti, amma ba ɗayansu da ke kashe fatar matsematsi.

Hoton ƙashi na eksire ba ya nuna faifai ko jijiya, kar ku ɓata wa mutum kuɗi da lokaci don ku ji sanyi a ranku. MRI ake so, a ranar. A Ingila tsarin da suka fitar a 2023 ya ce a yi shi cikin awa 4 da nema. Mu da na'urar ke iya kasancewa a wani gari, abin da ya rage mana shi ne tura mutum a daren, da takarda mai faɗin lokacin da alamar ta fara, abin da aka samu a wurin sirdi da yawan ragowar fitsari, a kuma buga wa likitan tiyatar waya kafin mota ta tashi. Inda MRI ba zai yiwu ba, CT na iya taimakawa, musamman wanda ake zuba ruwan hoto a cikin gadon baya.

Idan hoton ya fito, ku buɗe da kanku kafin rahoto. A T2 ruwan da ke kewaye da jijiyoyi fari ne tas. A faifai na gefe za ku ga farin yana nan, saiwoyi kamar ɗige-ɗige a cikinsa, ɗaya kawai aka ture. A kauda ikwina baƙin faifan ya cika ramin, farin ya yanke a wannan matakin, ba ku iya rarrabe saiwoyin. Ku leƙa sama ma, don tarin fuka na ƙashin baya da dajin da ya yaɗu daga furosteti ko nono suna yin irin wannan matsi. Da yawa daga waɗanda za ku tura hotonsu zai fito ba matsi, kuma ba abin kunya ba ne, hannu kaɗai ba ya raba su. Awa 48 da kuke ji ana faɗa a matsayin wa'adin tiyata kuwa ba izinin jira ba ne, ana yin tiyatar ne da zarar an samu hali.

Wanda kuka tabbatar saiwa ɗaya ce kuka sallama, ku faɗa masa da Hausa ƙarara abin da zai dawo da shi ko da tsakar dare: ciwo ya koma ƙafa biyu, wurin tsarki ya mutu, fitsari ya canza, ƙafa ta fara ja. Ku rubuta a kati cewa kun faɗa. Ɗan dakon nan an yi masa aiki, ƙafafu sun dawo, amma da na gan shi bayan shekara yana sa wa kansa roba sau 4 a rana.