Wai da wane yare zan ba ku amsa ne?

Gurup ɗinmu na 'yan kasuwa a wasaf ya ishe ni wallahi. Mu 'yan Maradi ne da abokan cinikinmu na Jibiya da Katsina, sai a tambayi farashin buhun wake, in na rubuta da Faransanci 'yan Katsina su ce Alhaji ba mu gane ba, in na lallaɓa Turancin da ban iya ba namu na nan su yi tsit. To Hausa fa da kowa ke ji? Nan ma rigima, na ce jaka ashirin, wani ya ɗauka naira nake nufi alhali sefa ce, ga dala kuma, dala ɗari a wajenmu sefa 500 ce, su can ba haka suke ƙirga ba. Ƙarshenta in rubuta da Hausa, in sa lamba da CFA, in ƙara da sakon murya saboda dattawan da ba su karatun boko, duk a kan buhu guda, kuma wani ya sake fitowa ya ce nawa ne a naira.