Tallar yajin Hajiya a gidaje biyar

Tallar rediyo ta minti ɗaya tana cin kalma 130 zuwa 150 in mai karantawa bai yi gaggawa ba, wato kalma biyu da ɗan ɗori a kowace daƙiƙa. Da wannan ma'auni na rubuta wa wata Hajiya mai sana'ar yajin daddawa tallarta, ta fito tsaf: sallama, albishir ga uwargida da amarya, kirarin yaji, farashi, kwatancen shago daura da masallaci kusa da mai faci, sai lambar waya sau biyu. Aka sa a rediyo, waya ta yi ta ruri. Hajiya ta kira ni ta ce, "Ɗan nan, tunda abin ya karɓu, ka zuba min shi a duk inda ake kallo a waya. Amma kar ka taɓa min ko wasali ɗaya, rubutun nan yana da albarka."

Na ce to, ranki ya daɗe. Muka ɗauki bidiyon ƙanwarta tana karanta rubutun, riƙe da robar yaji.

A YouTube aka fara kwance mana zani. Irin tallar da muka saya ita ce wadda maɓallin Skip ke bayyana bayan daƙiƙa 5, kuma daƙiƙa 5 kalma goma sha biyu ce kacal. Na ƙirga abin da ke cikin namu: "Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka, ina uwargida, ina amarya, albishirinku." Nan mai kallo zai danna ya wuce, ko "goro" bai ce ba. Ba a ambaci yaji ba, ba a ga suna ba. Mun gaida dubban mutane cikin ladabi, sun tafi ba su san me muke sayarwa ba. Ana gane wannan ciwon a shafin ƙididdiga: layin masu kallo yana tafiya daidai, da ya kai daƙiƙa ta biyar sai ya faɗa rami. A rediyo sallamar tana da aiki, domin mai sauraro yana tuƙi ko wanke-wanke, sai an kira hankalinsa tukuna, kuma ba shi da abin dannawa. A waya kuwa babban yatsansa yana kan gilashi tun kafin ka buɗe baki.

Facebook kuma wata fitinar daban. Mutane da yawa suna gangara shafi ne sauti a kashe, a ofis, a cikin adaidaita sahu, ko da dare kusa da mai barci. Abin da suka gani shi ne baiwar Allah tana motsa baki na minti guda tana girgiza roba. Wani ya rubuta a ƙasa yana tambaya ko maganin basir ne. Hajiya ba ta ji daɗin wannan ba ko kaɗan.

Na TikTok ni na fi jin zafinsa, don sai da na yi gargaɗi. A kwance muka ɗauki bidiyon, faɗi 1920 tsayi 1080, shi kuwa TikTok a tsaye yake so, 9:16, wato faɗi 9 tsayi 16. In ka yanko tsaye daga kwance ba ka rage tsayi ba, faɗin da zai rage maka kusan 608 ne cikin 1920, bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Fuskar ƙanwar Hajiya ta samu shiga, hannun da ke riƙe da yajin ya tsaya a waje. Farashin da na rubuta a ƙasa kuma ya shige ƙarƙashin sunan shafi da bayanin bidiyo, abin da ya yi dama ya ɓuya a bayan maɓallan so da sharhi. Duk rubutun da ake so a karanta a bidiyon tsaye, tsakiya ake ajiye shi a ɗan ɗaga sama, a bar ƙasa da gefen dama fili.

A sitatus na WhatsApp, a lokacin daƙiƙa 30 kawai yake ɗauka kafin a ƙara shi zuwa minti ɗaya a 2024. Ɗan Hajiya ya ce shi zai gyara, ya ƙara wa bidiyon gudu ninki biyu don ya shige. Ya shige kuwa, sai dai muryar ta koma ta ɗan tsako, lambar waya ta wuce fiu. Lambar Najeriya alƙaluma 11 ce, in za a faɗe ta yadda mutum zai iya rubutawa, sifili takwas sifili kaza, tana cin daƙiƙa shida ko bakwai. Sau biyu kuwa ta cinye kusan rabin daƙiƙa 30. Abin haushin ma, mai kallon sitatus yana da lambar Hajiya tun asali, in ba haka ba da bai ga sitatus ɗin ba.

Da na samu ta huce, na ce, "Hajiya, albarkar tana cikin yajin, ki bar ni in farke rubutun." Ba a rage talla daga wutsiya, kuma ba a matse ta. Warware ta ake yi gida huɗu: mene ne kayan, me ya sa za a saya, nawa ne, yaya za a samu. Kowane dandali sai a sake jera su, a zubar da abin da wurin ya riga ya yi maka.

Na YouTube na buɗe da kaya da dalili a numfashi ɗaya: "Yajin daddawan Hajiya, cokali ɗaya ya tada miyar da ta kwanta." Kalma goma sha ɗaya, robar tana cike da allo tun daƙiƙar farko, ko an danna Skip an riga an ji suna. Na TikTok muka sake ɗauka a tsaye, daƙiƙa 15, kalma talatin da 'yan kai. Ba fuska a farko, hannu ne ke barbaɗa yaji a kan shinkafa da wake mai tururi, farashi a tsakiyar allo. Na Facebook na ɗora rubutu manya, layi bai wuce kalma biyar ba, kowanne ya tsaya daƙiƙa biyu, sannan na kashe sautin wayata na miƙa wa mai gadinmu. Da ya faɗa min kaya da kuɗinsa ba tare da ya ji komai ba, na san ya yi. Na sitatus na cire lamba da kwatancen mai faci gaba ɗaya, na sa "Amsa nan, a kawo miki har gida." Sallamar Hajiya kuwa, wadda ta ce ko sama da ƙasa za su haɗe ba za a cire ba, mun yi sulhu ta koma rubutun da ke ƙarƙashin bidiyo.

Saura saƙon tes, wanda ta ce a tura wa tsofaffin kwastomominta dubu. Na matse tallar ta dawo harafi 150, tunda shafi ɗaya 160 yake ɗauka. Sai na ga kuɗin da za a cira ya ninka uku. Dalili shi ne 160 ɗin na haruffan boko ne marasa lanƙwasa zalla. Da zarar ƙ ko ɗ ko ɓ ɗaya ta shiga, ko alamar ₦, saƙon gaba ɗaya ya koma wani tsari mai ɗaukar harafi 70, in ya zarce kuma a rarraba shi 67-67. Harafi 150 ya zama shafi uku, mutum dubu shafi dubu uku. Na cire lanƙwasar haruffan, na sa N a gaban farashi, ya dawo shafi ɗaya.

Na kai mata lissafin ina jiran yabo. Ta duba, ta ce tunda an samu rarar harafi goma, a mayar mata da sallamarta. "Assalamu alaikum" harafi 16 ne har da tazara. Muka daidaita a kan "Slm".