Ba rashin ƙarfin saba ne ke kashe manhajarka ta Node ba

"Na tashi manhajata da node app.js tana aiki lafiya, ina rufe SSH sai ta mutu. Sabar ce ba ta da ƙarfi ko?"

Wannan zato ya yi yawa, har wasu na ƙara kuɗin saba a banza. Akwai dalilin yin zaton, domin ƙarancin RAM kan sa Linux ta kashe manhaja. Amma idan mutuwar tana zuwa daidai lokacin da ka fita, daga wani wurin matsalar take.

Idan ka shiga ta SSH, ana buɗe maka shel, wato shirin da ke karɓar umarninka, kuma duk abin da ka tasa a ciki ɗanta ne. Da haɗin ya yanke, sai a aika musu siginar SIGHUP, ita kuwa Node da ta karɓe ta sai ta tsaya, in dai ba a rubuta mata wani abin yi ba. Ƙara `&` a ƙarshen umarni ba ya hana wannan.

Maganin shi ne a damƙa manhajar ga mai kula da ita wanda bai rataya da zamanka ba, kamar PM2:

```
npm install -g pm2
pm2 start app.js
pm2 startup
pm2 save
```

Kula da `pm2 startup`: idan ba a matsayin root kake ba, wani umarni yake bugo maka, sai ka kwafe shi ka gudanar, in ba haka ba manhajar ba za ta tashi ba idan sabar ta sake kunnuwa. Ka fita, ka dawo, ka duba `pm2 list`. Idan adadin sake tashi yana ta hauhawa, to galibi kuskure ne a cikin manhajar kanta, `pm2 logs` zai nuna maka shi.