Ba a Sallamar Dattijo da Sitika

Assalamu alaikum ’yan uwa malamai. Yau da ku nake, musamman mu da muke guruf ɗin ma’aikata na WhatsApp.

Jiya bayan Isha’i dattijon ofishinmu, wanda kowa ke kira Baba Malam, ya turo saƙonsa na bankwana:

“Abokan aiki, yau na cika shekara 35 ina riƙe da alli, na ajiye. Duk wanda na ɓata wa, da saninsa ko ba da saninsa ba, don Allah ya yafe mini. Ni na yafe wa kowa. A kula mini da yaran nan ’yan aji uku, sun kusa jarrabawa. 🙏🏾❤️😊”

Mutumin da da ƙyar yake rubutu a waya, sai ya ɗora tabarau a karan hanci yana danna harafi ɗaya-ɗaya, shi ne har ya nemo zuciya ya saka mana. Mu kuwa me muka mayar masa? Wannan ya ɗaga babban yatsa, wancan ya manna sitikar “Masha Allah” da yake manna wa sanarwar suna da ta ɗaurin aure. Kafin a kwanta wani ya tambaya ko albashi ya shiga, shi ke nan hira ta koma can. Haba jama’a!

Ku tsaya ku ji abin da ke jiran bawan Allah nan. Doka ta 2022 ta ɗaga ritayar malamai zuwa shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, amma ba kowace jiha ta ɗauke ta ba, shi a kan tsohon tsarin 60 ko 35 ya fita. Da an cire sunansa daga jerin masu albashi, alat ya tsaya cak, fansho kuwa ba ya fara zuwa washegari. Sai ya haɗa takardar kama aiki ta farko, da ta tabbatarwa, da ta ƙarin girma ta ƙarshe, da shaidar haihuwa, ya yi ta sintirin tantancewa. Harafi ɗaya ya saɓa tsakanin sunan da ke takarda da wanda ke banki, a ce ya je kotu ya yo rantsuwa. Giratuti kuma duk mun san waɗanda suka jira shi shekara da shekaru. A wannan tsakanin akwai cefane, akwai maganin hawan jini, akwai autansa da ke makaranta. Kuma irinsu Baba ba sa roƙo, sai dai ka ga sun rage fita.

To kai Malam da ka ranci dubu goma a hannunsa gabanin Babbar Sallah, ka ce “ƙarshen wata”, watanni nawa suka ƙare? Ka ga ya rubuta “na yafe wa kowa” sai ka ji sanyi a ranka, ka ɗauka har da kuɗin. A’a. Dattijo ya yafe ɓacin rai, bai ambaci bashi ba, kuma kunya ce za ta hana shi tambayarka. Manzon Allah (SAW) ya ce jinkirin mai hali wajen biyan bashi zalunci ne. Kai albashinka na shiga, nasa ya tsaya. Wa ya fi wani buƙatar dubu goman nan?

Ke ma Malama mai riƙe da adashin ofis, kwasarsa ce ta ƙarshe saboda kullum shi ke cewa a ba masu lalura su fara. Kar a ce tunda ya tafi sai a “duba”. Ya yi zubi, a kai masa kuɗinsa cif har gida.

Sai mu masu baki. Mun sha cewa tsohon nan ya cika tsanani, ya cika sa ido a kan rajistar zuwa aiki, mun kwaikwayi tafiyarsa muna dariya bayan ya fita. Shi da aka ci namansa shi ne ya fara neman gafara, mu kuma muka amsa da hannu biyu a haɗe kamar mu aka yi wa laifi. Subhanallah. Wanda ya san ya taɓa mutuncinsa, ƙafa zai taka, ya durƙusa ya gaishe shi, ya ce Baba a yafe mini. Ba sai ka zayyana masa abin da ka faɗa ka ƙona masa rai ba.

Ban ce emoji haramun ne ba, nasa ma sun yi mini daɗi. Amma shi ya haɗa nasa da magana, mu namu muka tura a madadin magana.

Don Allah admin, kar a cire shi daga guruf ɗin. Mai mashin ya kai shi wurin tantancewa, wanda ya iya cike fom ya zauna da shi. Kuma mai bashin nan, don girman Allah, kar Juma’a ta same ka da kuɗin Baba a aljihu.